Kafin a ajiye albashi: nawa ne kuɗin awa guda na mai aikin kansa?

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, matasa da dama na barin aikin albashi suna komawa cin gashin kansu: masu zanen kwamfuta, masu fassara, masu ɗaukar hoto da bidiyo, masu haɗa shafukan intanet, akantoci. Tambayar da ke fara tarbarsu ba ta wuce wannan ba: “Nawa za ka yi mini?” Yawancinsu suna da amsa guda, wato su ɗauki tsohon albashinsu su raba shi da awoyin wata. Wannan lissafi mai sauƙi ne, amma shi ne ke karya mutane da yawa tun kafin su cika shekara. Kuɗin awa na mai aikin kansa ya kamata ya fito daga abin da shekara gaba ɗaya za ta ci, a raba da awoyin da za a iya sayarwa da gaske. In aka yi haka, adadin da zai fito yakan ninka na albashi sau uku ko huɗu, kuma babu zalama a cikinsa.

Misali zai fi nuna abin. A ɗauka akwai matashi mai zanen kwamfuta a Maraɗi, yana aiki a wata maɗaba'a, yana karɓar jika 250 a hannu kowane wata. Adadin da za su biyo baya duka na misali ne, kuma da sefa aka rubuta su kamar yadda ake sawa a takardar biya, ba da dala ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta tsayar da awa 40 a mako, wanda ya kama kusan awa 173 a wata. Jika 250 a raba da 173 ya ba da sefa 1,445. Matashin zai ga cewa in ya ce 1,500 a awa ya ma ci riba. Ƙarshen lissafin zai nuna masa inda wannan farashi zai kai shi.

Abin da albashi ke ɓoyewa

Albashin da ke shiga hannu wani yanki ne kawai na abin da mai gidan aiki ke kashewa a kan ma'aikaci. Idan an yi wa mutum rajista a asusun CNSS, ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashinsa, mai gidan aiki kuma ya ƙara kashi 16.4. Jimilla kashi 21.65 ke nan da ke tafiya fansho, alawus na iyali da kariyar hatsarin aiki. A kan albashi irin na wannan matashi, kuɗin ya haura jika 50 a wata, kuma bai taɓa riƙe su a hannu ba, shi ya sa bai san yana da su ba. Ranar da ya ajiye aiki, zubin ya tsaya. Tsufa da ciwo kuwa suna nan tafe.

Saboda haka layi na farko a lissafinsa shi ne abin da gida ke ci: jika 250 sau 12, miliyan 3. Layi na biyu shi ne madadin abin da ya bari a CNSS: jika 50 sau 12, jika 600. Ko a banki zai ajiye su, ko ya sayi dabbobi, ko fili, wannan shawararsa ce. Abin da ba shawara ba ne shi ne kuɗin su fito daga farashin aikinsa, don babu wata ƙofa da za su shigo ta ita.

Kayan aiki suna ci ko ana barci

A maɗaba'a, kwamfuta ta mai gida ce, wuta da intanet shi ke biya, in na'ura ta lalace shi ke kiran mai gyara. Yanzu duk sun dawo wuyan matashin. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ce “ai ina da kwamfutata”, sai ya ƙirga ta a matsayin kyauta. Kwamfuta tana tsufa, kuma zafi da ƙurar watan Afrilu ba sa raga mata. Hanyar da ta dace ita ce a raba kuɗin kowane kaya da shekarun da zai yi yana aiki.

Kwamfutar jika 450 da za ta yi shekara 3 tana cin jika 150 a shekara. Wayar jika 120 da za ta yi shekara 2 tana cin jika 60. Fanon sola da batir da inbata na jika 360, in an raba su shekara 3, suna cin jika 120. Wanda ya zauna a kudancin Nijar a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa NIGELEC, ya san cewa wannan layi ba kwalliya ba ne. Mai jiran aikinsa ranar Alhamis ba ruwansa da ko an kawo wuta.

Sai kuɗaɗen wata-wata: intanet jika 25, manhajojin zane da wurin ajiyar fayil jika 20, man babur da gyaransa jika 20, ƙarin kuɗin wuta da takardu sefa 7,500. A shekara sun zama jika 300, jika 240, jika 240 da jika 90. Idan aka tara kayan aiki baki ɗaya, an samu miliyan 1 da jika 200. Kowane wata, kafin matashin ya sayi tiya guda ta gero, sana'ar ta riga ta ci jika 100.

Layuka ukun nan, gida da ajiya da kayan aiki, sun kai miliyan 4 da jika 800. Wannan shi ne abin da dole ya rage masa bayan an fitar da haraji.

Haraji: rabawa ake yi, ba ƙari ba

Ma'aikaci ba ya ganin harajinsa, domin ana cire ITS tun kafin albashi ya iso. Mai aikin kansa shi ne zai je da ƙafarsa. Duk wanda ke son aiki da ƙungiyoyi, kamfanoni ko ma'aikatun gwamnati sai ya mallaki lambar NIF daga hukumar haraji ta DGI, don ba za su karɓi takardar biya marar lamba ba. Daga nan za a sa shi a tsarin da ya dace da girman cinikinsa: ko harajin dunƙule na ƙananan masu sana'a, ko tsarin da ake lissafa riba ta gaskiya. Dokar kasafin kuɗi tana iya taɓa waɗannan ƙa'idoji kowace shekara, don haka ziyarar ofishin haraji na garinsu kafin ya faɗi farashi na farko ta fi masa zuwa bayan an aiko masa da takardar tara.

A misalin nan, a ce ya ware kashi 15 cikin ɗari na duk abin da ya shigo domin haraji da takardun hukuma, adadin da zai gyara da zarar an faɗa masa tsarinsa. A ƙara kashi 5 domin bashin da ba za a taɓa biya ba, don a shekarar farko da wuya a rasa wanda zai karɓi aiki ya daina ɗaukar waya. Jimilla kashi 20.

A nan ne hannu ke zamewa. Mutane da yawa sukan ɗora kashi 20 a kan miliyan 4 da jika 800, su samu miliyan 5 da jika 760. Amma kashi 20 ɗin daga babban adadin za a cire shi, wato miliyan 1 da jika 152, sai a ga abin da ya rage miliyan 4 da jika 608 ne. An yi giɓin jika 192. Abin da ya dace shi ne a raba miliyan 4 da jika 800 da 0.8, wanda ya ba da miliyan 6 cif. Wannan ne cinikin da matashin ke buƙata a shekara domin ya tsaya daidai inda yake lokacin yana karɓar albashi.

Akwai abubuwa biyu kuma da ya kamata a tambaya kafin a sa hannu a kowace kwangila. Na farko TVA, wanda babban adadinsa a Nijar kashi 19 ne. Wanda tsarinsa ya wajabta masa karɓar TVA ya sani cewa kuɗin na hukuma ne, amana ce ke ratsawa ta hannunsa. In ya yi ciniki a kan jika 150 kuma aka rubuta HT, za a ƙara sefa 28,500 a kai. In kuwa aka rubuta TTC, nasa sefa 126,050 ne kawai. Haruffa uku sun cinye masa kusan jika 24. Na biyu shi ne cirewar da manyan masu ba da aiki ke yi tun daga tushe, su zuba wa hukuma a madadin harajin riba. Duk wanda aka cire wa ya nemi takardar shaidar cirewar, domin da ita ce kaɗai zai nuna an riga an biya wani abu da sunansa.

Kwanakin da ba a sayarwa

Rabin lissafin na biyu ya fi na farko zafi. Shekara tana da ranakun aiki 260 in ana yin biyar a mako. Ma'aikaci yana da hutun shekara da ake biyansa, yana da ranakun hutu na ƙasa, kuma in ya yi zazzaɓi albashinsa ba ya raguwa. Mai aikin kansa duk ranar da bai taɓa aiki ba, ranar ba ta haifar masa komai.

A cire kwana 22 na hutu. A cire kamar 12 na Sallah ƙarama da babba, Mauludi da bukukuwan ƙasa. A cire 10 na ciwo, jana'iza, suna da ɗaurin aure, waɗanda babu Bahaushen da zai ce ba zai je ba don yana da zane a hannu. A cire 16 na ranakun da babu aiki sam, ko babu wuta, ko intanet ya ƙi. An fitar da 60, saura 200.

Cikin waɗannan 200 ɗin ma ba dukan awa 8 ake sayarwa ba. Rubuta takardar tayin farashi, zuwa ganin mai aiki a jira shi awa guda a ofis, amsa saƙonnin WhatsApp, bin bashi, zuwa banki da ofishin haraji, koyon sabuwar manhaja: duk aiki ne, kuma babu wanda za a miƙa wa takardar biyansa. Mai sana'ar da ya kafu yakan sayar da kamar awa 5 cikin 8. Awa 5 sau kwana 200 ya ba da awa 1,000 a shekara, ƙasa da rabin awa 2,080 da ake biyan ma'aikaci.

Miliyan 6 a raba da awa 1,000, kuɗin awa ya kama jika 6. Idan a shekarar farko awa 4 kawai yake sayarwa a rana, awoyin sun koma 800, farashin ya tashi zuwa sefa 7,500.

Yanzu sai a waiwayi sefa 1,445 na farko. A awa 1,000 zai tara miliyan 1 da jika 445. A cire kayan aiki, saura jika 245 a shekara gaba ɗaya, tun ba a taɓa haraji ba. Bai kai albashinsa na wata guda ba. A wata ya kama kusan jika 20, ƙasa da rabin mafi ƙarancin albashi na jika 42 da ya fara aiki a Nijar a 2024. Mutumin zai riƙa kwana yana aiki, mutane na yaba masa araha, shi kuma yana mamakin inda kuɗi ke shiga.

“Wa zai biya jika 6 a Maraɗi?”

Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. A bakin kasuwa akwai yaron da zai haɗa katin biki a waya a kan jika 2. Ga ɗan uwa da zai ce “ai danna-danna ne kawai”. Masu wannan ra'ayi suna cewa kasuwa ce ke yanke farashi, kuma sabon shiga sai ya sauko kafin a san shi.

Gaskiya ne kasuwa ba ta tambayar nawa mutum ya sayi kwamfutarsa. To amma lissafin shi ne ke gaya wa mutum wace kasuwa zai iya zama a cikinta. Matashin nan yana buƙatar adadi biyu. Na farko jika 6, farashin da ke mayar masa da abin da ya bari. Na biyu shi ne ƙasan da ba zai wuce ba. In ya matse gida zuwa jika 180 a wata ya dakatar da ajiya, yana buƙatar miliyan 2 da jika 160, da kayan aiki ya zama miliyan 3 da jika 360, a raba da 0.8 ya ba da miliyan 4 da jika 200, wato sefa 4,200 a awa. Duk aikin da ya faɗo ƙasa da haka, daga jikin kwamfutarsa da bakin iyalinsa ake biyan ragowar.

Idan duk masu aikin da ya sani ba su wuce jika 3 a awa ba, lissafin ya yi masa babban amfani tun bai rubuta takardar ajiye aiki ba. Ko ya nemi wasu masu aikin, irin ƙungiyoyi, makarantu masu zaman kansu, kamfanoni da ƴan kasuwar da ke buƙatar takardar biya mai lamba da aikin da zai fito a kan lokaci, ko ya ci gaba da riƙe albashinsa yana gwada ruwan da ƙafa ɗaya da yamma da ƙarshen mako, matuƙar kwangilarsa ba ta hana ba. Maganar a fara da araha a ƙara daga baya kuwa, wanda ya saba biyan jika 2 shi zai kawo abokinsa a kan jika 2. Idan ragi ya zama dole, a rubuta cikakken farashi a takarda, a rubuta ragin a ƙarƙashinsa da dalilinsa, domin gobe a san daga ina za a tashi.

Yadda ake faɗin farashin

A Nijar da wuya mai aiki ya tambayi kuɗin awa. Ko dai ya nemi farashin aikin baki ɗaya, ko, in ƙungiya ce, kuɗin yini. Kuɗin awa na cikin littafin mai sana'a ne, da shi yake auna sauran. Yini cikakke na awa 8 ya kama jika 48. Tsara rahoto mai shafi 24 da zai ci awa 20, da wasu awa 5 na gyare-gyare, ya kama jika 150.

Farashin dunƙule yana da nasa rami. In ba a rubuta yawan gyara ba, awa 25 sai ta koma 40, jika 150 ɗin ta koma sefa 3,750 a awa, ƙasa da iyakar da ya ɗiba wa kansa. Don haka takardar tayi ta faɗi a fili: gyara zagaye biyu, abin da ya wuce haka jika 6 a awa; rabin kuɗi kafin a fara; ranar biyan saura. Kafin alƙalamin nan yana da muhimmanci, domin wanda ya jira biya wata biyu ya ba da rance ne ba tare da ya yi niyya ba. Wannan dalili ne ma ya sa bai kamata a bar albashi ba sai da ajiyar aƙalla wata uku na gida da na sana'a, wanda a misalin nan ya kai miliyan 1 da jika 50.

Ga masu aiki da ƙasashen waje, sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, saboda haka jika 6 ta kama yuro 9 da ɗoriya kaɗan. In dandalin da ya haɗa su da mai aiki yana yankar kashi 10, nan ma rabawa ce: jika 6 a raba da 0.9, sefa 6,667. Wanda zai karɓi naira daga Katsina ko Kano ya yanke farashinsa da sefa, ko ya sa wa tayin wa'adin ƴan kwanaki, don canji ba ya jira. Ƴan ci-rani da ke zaune a Faransa, Ghana ko Saudiyya kuma kada su juya jika 6 zuwa kuɗin can su ce sun gama. Hanyar lissafin ce ɗaya, amma haya, haraji da inshora na ƙasar da suke zaune ne za su cika layukan.

Littafi ne alƙali

Farashin farko hasashe ne, kuma wata uku sun isa a gane ko ya yi daidai. Abin da ake buƙata littafi ne mai layi uku: awoyin da aka yi wa kowane aiki, kuɗin da ya shigo hannu da gaske, da ranar da ya shigo. A ƙarshen wata na uku a raba kuɗin da awoyin. Matashin misalin nan yana neman jika 500 a wata daga kusan awa 83 da aka sayar.

Alamomin suna da sauƙin karantawa. In yana cika awoyinsa amma kuɗin ba su kai ba, farashi ko yawan gyara ne matsalar. In farashin yana tsayawa amma awoyin ba su wuce 40 a wata ba, matsalar ta neman masu aiki ce, kuma rage farashi ba zai warkar da ita ba. In kowa na amsa “to” nan take ba tare da tayi ba, ya yi araha. In ya taɓa kuɗin haraji ya yi cefane, ko kwamfuta ta mutu bai da na sabuwa, akwai layin da bai shiga farashi ba. Maganin na ƙarshen nan shi ne duk kuɗin da ya shigo a raba shi a ranar: kashi 15 na haraji gefe guda, na kayan aiki gefe guda, sannan ya biya kansa albashi.

Masu ba da aiki ma suna da nasu rabon. Ƙungiyar da ta raba albashin ma'aikacinta da kwana 22 ta ce wannan ne kuɗin yinin mai zaman kansa, ta manta cewa ba ta biya masa CNSS, ba ta saya masa kwamfuta, kuma ranar da aikin ya ƙare ba ta bin sa da komai, shi ma ba ya bin ta. Wanda ya zo da jika 48 a yini da takardar da ke nuna yadda ya same ta, ya cancanci a zauna a duba takardar tare da shi kafin a ce ya yi tsada.